Farin Rubutu a Tebur na Uku

Taubashina ya rasu ana saura 'yan kwanaki a fara shuka. Ciwon hanta ne, bai yi wata biyu a kwance ba. Ɗan gwaggona ne, tare muka tashi a Babban Duhu, tare muka sha dukan malami ɗaya, sannan boko ya raba mana hanya. Shi ya zama malamin jami'a a Katsina, ni kuma na tsaya a Batsari ina koyar da lissafi a sakandare. Ina ce masa bawana, yana ce mini bawansa, har ya koma ga Allah ba mu daidaita a kan wanda ya mallaki wani ba.

Bayan sadakar arba'in da kusan wata guda wani farfesa ya kira ni, wanda suka yi bincike tare da marigayin. Ya yi mini ta'aziyya mai tsawo, irin wadda kana ji ka san akwai magana a bayanta. Maganar ita ce sun rubuta wata maƙala a kan gonakin da aka daina nomawa a ƙasar Safana saboda 'yan bindiga, kuma mujallar da suka aika wa ta dawo da ita ba a ko duba ba. Ba ta karɓar PDF, ba ta karɓar komai sai fayil ɗin Word. Taubashina kuwa da LaTeX ya rubuta ta, farfesa kuma ya ce shi da LaTeX ko gaisuwa ba ta haɗa su. An ba su mako uku. Ya ce marigayi ya sha gaya masa cewa ni na koya masa abin, don haka ni ya dace in warware.

Gaskiya ne ni na koya masa, lokacin da nake digiri na biyu. LaTeX ba kamar Word ba ne da kake ganin shafi yana tsaruwa a gabanka. Rubutu kake yi zalla, kana cusa umarni a ciki, wannan kanun magana ne, wannan lissafi ne, nan tebur zai zauna, sannan ka ba manhajar ta ɗinka maka shafin ta fito da PDF. Masu lissafi suna son sa don yana fitar da lissafi tsaf. Na ce wa farfesa aikin kwana biyu ne. Bakina ya saba yi mini irin wannan.

Na je Katsina, matar marigayin ta ba ni kwamfutarsa a cikin jakar da yake rataya ta, har da guntun goro a aljihun gefe, ya bushe ya yi baƙi. Ta ce tun da ya kwanta ba wanda ya buɗe ta. Ta rubuta mini lambar sirrin a bayan wata takardar asibiti. Tun ina Katsina na sauke wata manhaja da ake kira pandoc, mai juya rubutu daga wani tsari zuwa wani, saboda na san halin sabis ɗinmu na Batsari, sai ya ga kana bukatarsa yake tafiya kiwo.

Lokacin dogon hutu ne, damina ta yi tsakiya. Gidana babu wutar kirki, sai na riƙa zuwa ɗakin kwamfuta na makaranta inda akwai sola. Makaranta ba ɗalibai wuri ne da ban taɓa sabawa da shi ba. Ciyawa ta rufe filin ƙwallo, tagogin azuzuwa suna buɗewa suna rufewa da kansu, kuma a ɗakin akwai kwamfutoci ashirin an lulluɓe kowace da ƙyalle, suna jere a bayana. Tsohon mai gadinmu yana can bakin ƙofar shiga, nesa da ni, in ya yi tari ma ba na ji.

Ranar farko ban juya komai ba, karatu na tsaya yi. A LaTeX, duk abin da ka rubuta bayan alamar kashi cikin ɗari, wato %, manhaja ba ta kallonsa, ba ya fita a shafi. Wurin da marubuci ke yi wa kansa magana ke nan. Taubashina ya cika fayil ɗin da irin wannan, kuma da Hausa. Wani wuri ya rubuta cewa wannan jimlar ta yi tsawo kamar wa'azin farfesa. Wani wuri ya ce a gyara nan bayan la'asar. A gefen wani lissafi mai wuya ya rubuta: a tambayi bawana, in ya iya. Na yi dariya ni kaɗai, dariyar ta dawo mini daga bangon ɗakin, sai na ji ba daɗi. Mutum ya yi wata uku a ƙasa, ga shi yana tsokanata da rana tsaka.

Kashegari na ba pandoc babban fayil ɗin, na haɗa masa da fayil ɗin madogara, wato jerin rubuce-rubucen da maƙalar ta dogara da su, na ce ya fito da Word. Ko numfashi biyu ban yi ba ya gama. Da na buɗe sai na ga aikin da ke gabana. Lissafin ya shigo lafiya, ya zama irin na Word wanda ake iya gyarawa, amma lambobin da ke gefensa duk sun faɗi. Inda maƙala ke cewa a duba lissafi na huɗu, sai ga laƙabin da marigayi ya sa masa a tsirara, eq:gona, a cikin baka. Taswirar da ya zana da umarnin LaTeX ta ɓace ɗungurungum, sai bayaninta a ƙasa yana nuna wurin da babu komai. Teburori sun zo a karkace. Maganganunsa na bayan % kuwa ko ɗaya ba ta tsallako ba, kuma haka ya kamata, amma sai na ji kamar an sake yi mini rasuwar.

Kwana huɗu na yi ina bi layi-layi, PDF a hagu, Word a dama. Na mayar da lambobin lissafi da hannu, na ciro taswirar daga PDF na mai da ita hoto na liƙa. Ina yi ina zaginsa a raina, zagin taubashi, ina cewa kai da ka san mujallar manoma za ka kai wa, wa ya aike ka.

Ranar ta biyar da hantsi na iso tebur na uku. Hadari ya haɗu ta yamma, ɗakin ya yi duhu kamar magariba ta yi. Wannan tebur shi ne zuciyar maƙalar. Manoma tara ne taubashina ya zauna da su a ƙauyukan Runka da Babban Duhu, suka gaya masa abin da ba a faɗa a kasuwa: wace gona aka bari, wace ake nomawa da izinin mutanen daji, me ake ba su kafin a yi girbi, ta wace hanya suke fitowa karɓa. A PDF ba suna ko ɗaya. Manomi na ɗaya, manomi na biyu, har na tara, sai abin da kowa ya ce, sai wani ɗan fili fari a gefen dama wanda na ɗauka rashin iya tsara tebur ne.

A Word filin nan ba fari ba ne. Sunaye tara ne a jere, baƙaƙe ƙirin, kowane da sunan uba da unguwa.

Na daɗe ina kallo. Na duba hagu, babu. Na duba dama, ga su. Na huɗu na san shi, tare muka yi firamare. Na bakwai baffana ne, ƙanin mahaifina, wanda shi marigayi yake kira kawu, wanda har yau yake noma gonarsa a Babban Duhu. Gefen sunansa ga abin da ya faɗa a kan hanyar da suke biyowa.

Duk wanda ya zauna a ƙasarmu ya san ma'anar wannan tebur in ya fita da sunaye. Mutanen daji in suka ji ka faɗi hanyarsu, kai mai kai rahoto ne. 'Yan sa-kai in suka ji ka ba su hatsi, kai abokin cin mushensu ne. Ba a zama a tambaye ka dalili ta kowane ɓangare. Kuma da safiyar nan farfesa ya turo saƙo cewa in aiko masa da abin da na yi ko bai kammala ba, ya ɗora a shafin mujalla don a kama layi. Da na biye masa, da sun tafi.

Na koma babban fayil ɗin LaTeX na nemi sunan baffana. Manhajar ta ce babu. Na nemi na huɗun, babu. Na goge fayil ɗin Word, na sake juyawa daga farko, na buɗe, ga su nan sun dawo, a jerensu, ba wanda ya canza wuri. A lokacin ruwa ya sauko a kan kwano da ƙarfi. Ni malamin lissafi ne, ba na cikin masu cewa an yi wa na'ura asiri, amma wallahi na tsorata. Na kasa juyawa in kalli kwamfutocin da ke lulluɓe a bayana. Abin da ya zo mini shi ne mutumin nan yana da maganar da bai gama ba, kuma ta hannuna yake son ƙarasa ta. Na karanta abin da ya sawwaƙa, na rufe murfin, na fita na tsaya a baranda har ruwan ya tsagaita.

Da hankalina ya dawo sai na ji kunyar kaina. Na koma na dubi wurin da tebur na uku ya kamata ya kasance a babban fayil, na ga ashe babu tebur a wurin. Layi ɗaya ne kawai mai cewa a ɗauko shi daga wani ƙaramin fayil na daban. Shi ya sa nemana bai same su ba, a ɗaki ɗaya nake ta lalube alhali suna ɗaki na gaba. Na buɗe ƙaramin fayil. Ga sunayen, kowane an saka shi a cikin wani umarni da marigayi ya ƙirƙira da kansa ya sa masa suna boye. Na haura can saman babban fayil inda ake bayyana irin waɗannan umarni, in ga me boye yake yi. Ba ya goge komai. Launin rubutun kawai yake mayarwa fari. Farin rubutu a kan farar takarda. Pandoc kuwa ya kwaso kalmomin ya bar launin a baya, shi ya sa suka iso Word da baƙinsu.

Na sauke ajiyar zuciya, har na fara yi masa faɗa. Kai bawan nan, ga % a gabanka, wurin da babu abin da ke fita, ka zuba shirmenka da tsokanata a can, sannan ka ɗauki rayukan mutane ka shafa musu farar ƙasa? Ina cikin faɗan idona ya sauka a kan layin da ke saman umarnin. Bayan % ya rubuta: dabarar bawana ce wannan, Allah ya yi masa albarka.

Sai na tuna. Mu malaman sakandare muna da wata dabara ta jarrabawa. Kana buga tambayoyi a Word da amsoshinsu a ƙasa, in za ka buga wa ɗalibai sai ka mai da amsoshin fari, takarda ta fito da fili a wurin, in za ka yi maki ka mai da su baƙi. Fayil ɗaya, aiki biyu. Shekaru muna haka, ba a taɓa samun matsala ba, don takarda muke raba wa yara, ba fayil ba. Wata rana ya kira ni ina kan babur a hanyar kasuwa, ya ce yana son ya ɓoye wani abu a tebur amma kada ya ɓace masa, don yana rikita wane ne wane. Ban tambaye shi mene ne ba. Na ce masa mai da shi fari mana, kai komai sai an koya maka. Muka yi dariya na kashe waya.

Ban gama haɗiye wannan ba wani tunanin ya biyo baya, wanda ya fi shi muni. In launi kawai aka canza, to sunayen suna cikin PDF ma. Na buɗe shi, na ja linzamin kwamfuta a kan farin filin nan. Layuka tara shuɗaye suka tashi a inda ido ke cewa babu komai, wani dogo wani gajere, kowane daidai tsawon sunan mai shi. Na kwafa na liƙa a wani shafi, suka fito ɗaya bayan ɗaya.

Na kira farfesa na tambaye shi ina da ina PDF ɗin nan ya je. Ya ce ai marigayi ya ɗora shi tun bara a wani shafin intanet da masu bincike ke ajiye maƙala kafin a buga, kuma da suka gabatar da ita a wani taro an tura ta a zauren WhatsApp na mahalarta, daga nan kuma wa ya sani. Da na gaya masa dalilin tambayar, ya yi salati. Sannan ya ce zai rubuta wa masu shafin su sauke ta, amma in sani wasu shafukan ba sa goge tsohon kwafi da sauƙi, kuma abin da ya riga ya shiga wayoyin mutane ya shiga.

Na hau kan tudun bayan ɗakin gwaje-gwaje inda sabis ke kamawa, na rubuta cikakken sunan baffana da Babban Duhu a wurin nema na intanet. Mutumin da bai taɓa riƙe waya mai shafawa ba. Abu ɗaya ya fito, maƙalar taubashina.

Aikin Word ɗin na gama shi a kwana biyu, kuma wannan karon ban yi wayo ba. Ban goge sunayen a cikin Word ba, don ban yarda da abin da fayil ke riƙewa a cikinsa ba. A ƙaramin fayil ɗin LaTeX na cire su gaba ɗaya, da layin gefen dama da suke ciki, na cire unguwanni, na sake juyawa, na ɗauko tsabtataccen teburin na saka a sabon fayil tare da sauran gyare-gyarena. Na zaɓi rubutun duka na mai da shi ja don in ga ko akwai sauran abin da ke laɓe, sannan na nemi sunayen tara ɗaya-ɗaya. Babu. Na fitar da sabon PDF mai tsabta na aika wa farfesa duka biyun. Ya ce aiki ya yi kyau. Ni ban ji daɗin komai ba.

Na yi kwana uku ina shawara da kaina ko in gaya wa baffa. Wata zuciyar ta ce shekara guda ke nan ba abin da ya same shi, wa zai tsaya jan yatsa a kan farin fili, 'yan daji ba maƙala suke karantawa ba. Wata ta ce ba su ke karantawa ba, amma suna da masu karanta musu a cikin gari, kowa ya san wannan. A ƙarshe na aika masa cewa mu haɗu a Safana, gidan 'yarsa da ke aure can, don ni ban da ƙarfin halin shiga Babban Duhu a lokacin.

Na tafi a kan babur da safe. Gero ya fara fitar da kai a gonakin bakin hanya, amma da ka ɗaga ido can ciki sai ka ga gonaki sun koma saura, ciyawa ta kai ƙirji. Akwai wani wuri da muka yi tafiya mai nisa ba mu gamu da kowa ba, ko akuya, mai babur ya daina hira ya ƙara wuta.

Na tarar da baffa a zaure a kan buzu, ya rame, amma idonsa na nan da kaifinsa. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali ɗaya-ɗaya, ya tambayi marayun marigayi, muka yi masa addu'a. Sannan ya dube ni ya ce, "Malam, mi ya faru? Kai ba ka kiran mutum Safana don gaisuwa."

Na yi masa bayani yadda zan iya. Na ce takardar da ɗan ƙanwarsa ya rubuta, wadda ya yi musu alkawarin ba suna a ciki, akwai suna a ciki, an rubuta da farin tawada, ido ba ya gani amma na'ura tana gani. Na ce ni na ba shi shawarar, ban san abin da zai ɓoye ba. Na so in tsaya a nan, bakina ya ƙara da cewa ban kuma tambaya ba. Ya ce in karanto masa sunayen.

Na karanta na farko, ya ce yana nan. Na biyu, ya ce ya kwashe iyalinsa ya koma Katsina. Na uku yana nan. Na huɗu, wanda muka yi firamare tare, baffa ya ce Allah ya jiƙansa. Ban ji labarin ba sai ranar. Na tambaya ko ciwo ya yi. Ya ce a'a, bayan girbin bara ne suka shigo, ba su taɓa rumbu ba, ba su kora dabba ba, gidansa suka tambaya da sunansa da sunan ubansa, aka nuna musu. Na lissafa a raina, wata uku ke nan bayan an ɗora maƙalar. Na ce, "Baffa, ko saboda takardar nan ne?"

Ya ce, "Allah kaɗai ya sani. Yana da baki, ya yi magana a wurare da yawa." Sannan ya ce, "Karanta na gaba."

Na karanta na biyar da na shida, suna nan. Na tsallake na bakwai. Ya ce na tsallake ɗaya, shi ma ya iya ƙirga. Na karanta masa sunansa da sunan kakana, a zauren surukinsa, kamar mai kiran rajista. Ya ce, "Yana nan."

Na roƙe shi ya zauna a Safana ko ya zo Batsari wurina har a ga yadda hali zai yi. Na ce ɗaki na nan. Ya ce geronsa saura wata guda, in ya bar shi wa zai ciyar da gidan, kuma mutumin da ya tashi ba dalili ana gab da girbi shi ma tambaya ake yi a kansa. Sauran bakwai ɗin ya ce shi zai gaya musu da bakinsa, ɗaya-ɗaya, a gona, kada in kira kowa a waya. Ya tambaya ko yanzu an wanke rubutun. Na ce wanda za a buga a mujalla na wanke shi tas. Ya ce wanda ya riga ya fita fa? Na ce wannan ba ni da iko da shi.

Ya ce in nuna masa. Na ce ba abin da zai gani, fari ne. Ya ce duk da haka. Na buɗe tsohon PDF a wayata, na buɗa tebur na uku, na miƙa masa. Ya riƙe ta nesa da fuskarsa yana kallon farin filin. Baffa bai yi boko ba, baƙaƙen da ke hagu ma ba su ce masa komai ba. Ya tambayi wane layi ne nasa, na ƙirga masa zuwa na bakwai. Ya ɗora babban yatsansa a wurin, yatsan da fartanya ta mai da kamar ƙaho, ya danna ya riƙe, yadda ake dangwala hannu a takardar zaɓe. Wayar ta ɗan yi motsi a hannunsa. Da ya ɗaga yatsan, wani ɗan shuɗin layi ya tashi a farin wurin, a kan kalmar farko ta sunansa.

Ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Ashe kuwa ina nan."

Ya miƙo mini wayar, ya jawo takalmansa, ya ce zai kama hanya kafin la'asar, don bayan la'asar masu babur ba sa yarda su shiga. Na raka shi bakin titi. Ya hau bayan babur ya gyara hularsa, ya ce in gaida yara, in kuma daina zagin ɗan ƙanwarsa a raina, shi ya yafe mana mu biyun. Ban gaya masa ina zaginsa ba.

Maƙalar ta fito bayan wata bakwai, tebur na uku tsaf, manomi na ɗaya zuwa na tara, sunan taubashina a sama da 'yar alama mai nuna ya rasu. Farfesa ya aiko mini da ita, ban karanta ba, tebur ɗin kawai na buɗe na ja linzami a gefen dama, ba abin da ya tashi. Masu wancan shafin sun sauke tsohon kwafin daga baya. Nawa yana nan a wayata, na kasa gogewa, kuma na san ba ni kaɗai ke da shi ba.

Baffa ya yi girbinsa a shekarar, ya sake shuka. Ba shi da waya, sai ta wani mai shago a unguwarsu, ita ma sai an hau tudu. Duk ranar Juma'a bayan an sauko nake kira, mai shagon ya ɗauka, mu gaisa, in tambayi ruwa, in tambayi gari. Ya riga ya san abin da nake jira, amma ba ya faɗa sai na tambaya, ni kuma sai na gama duk gaisuwar da na sani kafin in iya ambaton sunan.